Ta gayyace ni biki a Yola, ba zan iya zuwa ba: yaya zan gaya mata?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai. Akwai wata baiwar Allah da muka zauna ɗaki ɗaya a sansanin bautar ƙasa a 2019. Sati ukun nan kawai muka yi tare, aka raba mu, kowa ta kama gabanta. Tun daga lokacin sai gaisuwar sallah a waya, ita ma ba kowace shekara ba. Shekaranjiya sai ga kiranta, wai an sa ranar aurenta, saura sati biyar, a Yola. Na yi mata murna har zuciyata. Ta ce lallai tana son ta gan ni, ni kuma bakina ya riga ni na ce "in sha Allah". Kafin magariba na tsinci kaina a guruf ɗin ƙawayen amarya, an saka hoton anko kala biyu: atamfar kamu dubu 18, leshin dina dubu 45, kowa ta tura kuɗinta kafin Juma'a mai zuwa.

Ni a Kano nake, ina goyon ɗan wata bakwai, albashina na koyarwa ne. Ba zan iya zuwa ba, ko da kuwa babu maganar anko. Amma yarinyar mutuniyar kirki ce, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a sansani ita ta riƙa ɗebo min ruwan wanka. Ba na so ta ɗauka wulaƙanci ne. Me zan ce mata, kuma yaushe?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin damuwa ba. Ai kin riga kin ce in sha Allah, shi ke nan. In Allah bai nufa ba sai a ga ba ki je ba. Ranar biki amarya ko mutum goma ba ta iya tantancewa a cikin taro, wa zai tsaya ƙirga wanda ya zo? Ki yi shirunki, bayan biki ki tura mata saƙon Allah ya sanya alheri.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Fagge, a ɗaurin aure maganarka gaskiya ce. Ku maza kuna taruwa a ƙofar gida ko masallaci, a shafa fatiha, a gaisa, a watse, wanda bai zo ba ma sai a ɗauka ya zo cunkoso ne ya hana a haɗu. Bikin mata ba haka yake ba, kuma ni sana'ata ke nan, shekara da shekaru ina haɗa wa amare anko a Kantin Kwari.

Bari in gaya muku yadda ake yi. Amarya ko babbar ƙawarta ta zo ta zaɓi zane. Mai shago zai tambaye ta turmi nawa, don in zanen ya ƙare a kasuwa ba lallai a sake samun irinsa ba. Ita kuma da me za ta ƙirga? Da sunayen da ke cikin guruf ɗin nan. Duk wadda ta ce in sha Allah an lissafa ta. Sau da yawa amarya ke zuba kuɗinta ta ɗauke kayan gaba ɗaya, da niyyar ƙawaye su biya ta daga baya. Atamfa da sauƙi, turmi ne na yadi shida a ledarsa, in ba a taɓa ba wani mai shagon yakan karɓa ya sayar. Leshi kuwa in aka yanka yadi biyar da sunanki ya zama naki, babu mai karɓarsa. Na sha ganin amarya ta dawo bayan biki da yanka huɗu ko biyar a jaka tana neman wanda zai saya ko da ragi, idonta ya ciko, ba don kuɗin kaɗai ba, don mutanen da suka ce za su zo suka ɓace.

Saboda haka Ummu Sadik, 'yata, ranarki ba ranar biki ba ce. Ranarki Juma'ar nan ce da aka yanka ta biyan kuɗi. In kin gaya mata kafin a shiga kasuwa, suna ɗaya za ta goge. In kin bari sai bayan an yanko, kin sa ta asara, kuma nan ne ɓacin rai yake farawa.

Ummu Sadik:
Wallahi Hajiya ban yi tunanin nan ba. Ni ina ta lissafin sati biyar, ashe kwana shida gare ni.

Abu Hanifa Zariya:
'Yar uwa, ki yi hattara. Amsa gayyata wajibi ne. Yana cikin haƙƙoƙi shida da Musulmi yake da su a kan ɗan uwansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce idan aka gayyaci ɗayanku walima ya je. Ba maganar jin daɗi ko rashin jin daɗin amarya ba ce kawai. Ki daure ki nemi hanya.

Malam Na Tudun Wada:
Malam Abu Hanifa, hadisan da ka kawo ingantattu ne, Allah ya saka da alheri. Sai dai malamai ba su bar su haka babu bayani ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, wajibcin yana kan walimar aure, kuma yana kan wanda aka ayyana shi da kansa, ba wanda kati ya iske a cikin taron jama'a ba. Sannan akwai uzurai. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce wurin da aka ce a amsa kiran walimar ango matuƙar babu wasan da ya shahara ko abin ƙi bayyananne, kuma a nan aka ce Imamu Malik ya yi rangwame a ƙi zuwa saboda yawan cunkoso. To in cunkoso ya zama uzuri, ina ga tafiyar Kano zuwa Yola, wuni guda cur a mota ta Gombe da Numan, ga mace da jariri a hannu? Kamu da dina da anko kuwa al'ada ce, babu wanda ya ce sayen leshi wajibi ne.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne in sha Allah ɗin. Mun mayar da ita kalmar zamewa, alhali kalmar mai niyya ce. Wanda ya faɗe ta ya san ba zai yi ba, ya bar ɗan uwansa da jiran abin da ba ya tafe. Ke ba da gangan kika yi ba, kunya ce ta kama ki, amma gyaran yana wuyanki. Ba zunubin rashin zuwa nake ji miki ba, alkawarin da ke rataye nake so ki sauke.

Abu Hanifa Zariya:
Na gamsu da maganar nisa, Malam. Amma ita ai da baki aka kira ta, ba kati aka watsa ba. An ayyana ta ke nan.

Malam Na Tudun Wada:
Haka ne, shi ya sa na ce ta ba da uzuri, ban ce ta share ba. Wanda aka kira da sunansa ya kamata ya nemi afuwa da bakinsa.

Maman Ihsan:
Ni dai a ganina zumunci ya wuce kuɗi. Zumunta a ƙafa take. Bara haka 'yar ƙanwar babana ta yi aure a Gusau, ba ni da ko sisi, na ci bashi na je, kuma har yau mahaifiyarta tana sa min albarka. Gobe ke ma za ki aurar da naki, su wa kike so su zo miki? In kika fara yanke 'yan uwa saboda anko wata rana za ki waiga ba kowa.

Ummu Sadik:
Maman Ihsan, ba 'yar uwata ba ce fa. Sati uku muka yi tare shekarun baya. Ko sunan mahaifiyarta ban sani ba, ita ma ba ta zo bikina ba, don ban ma gayyace ta ba.

Maman Ihsan:
Au, yi haƙuri, na ɗauka dangi ce. To da sauƙi. Amma duk da haka kar ki bar ta hannu rabbana.

Zee Kaduna:
Anti ki sauƙaƙa wa kanki. Ki ce Abban Sadik ya hana. Babu macen da za ta ja da wannan, magana ta mutu. Ko ki ce bikin ƙanwar mijinki ya faɗo rana ɗaya.

Amaryar Bara:
Zee, don Allah kar ki ba ta wannan shawarar. Ni aka yi wa, na san yadda take ci. Wata da muka yi makaranta ta ce min surukarta ba lafiya suna asibiti. Na tausaya mata, har na sa mahaifiyata ta yi mata addu'a. Ranar dinata da daddare ƙanwata ta nuna min hotonta a wani bikin a cikin gari, ta ci kwalliya tana liƙi. Da ta ce min kawai ba za ta samu zuwa ba, wallahi da na manta. Ƙaryar ce ta tsaya min, don ta nuna min ba ta ɗauke ni wadda za a gaya wa gaskiya ba.

Kuma ƙaryar rana ɗaya tana da wani rami. Biki ana ɗaga shi. Nawa sau biyu aka matsar da shi saboda kayan ɗaki ba su kammala ba. In kin ce ranar ce ta ci karo, aka matsar da sati biyu, ta kira ki da murna ta ce yanzu ai kin samu dama, me za ki ce?

Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangaren amarya, don masu cewa ba a lura. A dinata kujera 200 muka kama, kowane kati mutum ɗaya, kuma mai abinci da kai take lissafi. Ƙawayena na ware wa tebur uku. Akwai 'yan uwan babana da na hana kati saboda babu wuri, har aka yi ta ƙorafi. Ranar kuma ina zaune a sama ina hango kujeru bakwai babu kowa a teburin ƙawaye. Mutum biyu ne kacal suka kira ni tun da wuri suka ce ba za su zo ba, kuma su biyun nan na ba da katinsu ga wasu, ban riƙe su da komai ba. Ɗaya ma har yau muna gaisawa fiye da da.

Na kuma gaya miki wani abu, Ummu Sadik. Mai gayyatar mutumin nesa yawanci ta san da wuya ya zo. Tana kira ne don kar ki ji a bakin wani ki ce ba ta gaya miki ba. Ni na kira mutane da yawa a kan haka. Mai yiwuwa fita haƙƙinki ta yi, ba ta sa rai sosai ba.

Zee Kaduna:
To ai in mijin ne ya hana da gaske fa?

Amaryar Bara:
In da gaske ne ta faɗa. Amma a ɗora wa bawan Allah laifin da bai san da shi ba, gobe amarya ta riƙa kallonsa a matsayin mai kulle mata, bai dace ba.

Ummu Sadik:
Shi kam cewa ya yi in ina so in je zai nemo kuɗin mota. Ni ce na ga ba zai yiwu ba. To yanzu na gane kafin Juma'a, kuma ban da ƙarya. Amma me zan ce takamaimai? Ina tsoron in kira bakina ya sake riga na.

Anti Rabi:
Ƙanwata, zauna in tsara miki yadda nake yi, don ni a wurin aiki kusan kowane wata sai an kawo min kati.

Da farko, tunda da murya ta gayyace ki, da murya za ki mayar. Wanda ya turo kati a waya ga mutum ɗari, saƙo ya ishe shi. Wanda ya ɗaga waya ya kira, in kika mayar masa da rubutu zai ji kamar kin guje shi. Ki kira da yamma bayan la'asar ko bayan isha'i, lokacin da ba ta cikin kasuwa ko wurin tela. In ba ta ɗauka ba sau biyu, sai ki yi mata saƙon murya, ita kaɗai, ba a guruf ba.

Kar ki buɗe da ban haƙuri. Ki gaisa, ki tambayi shirye-shirye, ki tambayi Mama, ki bar ta ta ɗan yi zancen bikinta. Sannan ki shiga, kamar haka: "Ƙawata, ranar da kika kira murna ta sa na ce in sha Allah ban yi lissafi ba. Na zauna na duba, gaskiya ba zan samu zuwa ba, ga goyo ga nisan hanya. Na ce gara in gaya miki tun yanzu kafin a sayi anko, kar a lissafa da ni. Ki yafe min."

Ki lura da abu biyu a ciki. "Ba zan samu zuwa ba" magana ce rufaffiya. In kika ce "da wuya in zo" ko "zan dai gani", kin bar ƙofa a buɗe, ita kuma za ta ci gaba da ajiye miki wuri. Na biyu, dalili ɗaya ko biyu, gajere. In kika jero biyar, goyo da kuɗi da makaranta da hanya da ciwon baya, sai ya yi kama da neman mafaka, kuma kowanne za ta iya kawo miki maganinsa.

Za ta roƙe ki, wannan tabbas ne, al'adarmu ce. Za ta ce haba, ko kwana ɗaya ne, masauki ba matsala. Nan ne bakin yake zamewa. Kar ki kawo sabon dalili, ki maimaita na farko da taushi: "Wallahi na so, amma ba zai yiwu ba a wannan karon." Sau biyu ya isa, za ta sake ki. Daga nan ki juya zancen zuwa addu'a, ki ce ta turo miki hotuna. In kina so ki ambaci ruwan wankan da ta ɗebo miki a sansani, ki ambata, don ta san ba ki manta ko wace ce ita ba.

Yadda za ki gane ta karɓa: in ta ce ba komai ta ci gaba da ba ki labarin ango da inda za ta zauna, an wuce wurin. In ta ce "to shi ke nan" ta yi sallama a gajarce, ta ɗan ji zafi. Kar ki bi ta da kira a ranar. Ki bari ranar ɗaurin aure ki tura mata addu'a, bayan sati biyu da tarewa, lokacin da gida ya watse kowa ya koma harkarsa, ki kira ki yi mata ya baƙunta. Kiran nan amare ba sa manta shi, don lokacin ne wayarsu take yin shiru.

Hajiya Mai Atamfa:
Rabi ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: in ta ce miki "to ko ba ki zo ba ki sayi ankon mana", kar ki ji nauyi. Ki ce a bar wa masu zuwa. Anko na wanda zai tsaya a hoto ne.

Ɗan Fagge:
Ni fa har yanzu ina ganin kun tsawaita. Amma na yarda maganar leshin da aka yanka ban san da ita ba. Mu hula ce kawai ko yadi, in ka saya ka saya.

Zee Kaduna:
Guruf ɗin fa? In ta fita ai kowa zai gani.

Anti Rabi:
Yanzu a WhatsApp in ka fita masu kula da guruf kaɗai ake sanar wa, amma amarya ai tana cikinsu. Ni ba na fita kafin biki. Ta danna Mute ta bar shi, ranar ɗaurin aure ta shiga ta yi Allah ya sanya alheri, bayan an gama ta fita tare da kowa. In kuma amarya ce ta cire ta bayan sun yi magana, ba fushi ba ne, lissafinta take gyarawa.

Ummu Sadik:
Saura maganar gudummawa. In tura ko kar in tura? In zan tura nawa? Abin da zan iya ba tare da na takura ba dubu 5 ne. Ina jin kunyar kar ta ga ya yi kaɗan kusa da leshin dubu 45.

Maman Ihsan:
Ki tura mana. Ba yawan ake dubawa ba. Dubu 5 a hannun amarya satin biki tana maganin wani abu, ko kuɗin lalle ne. Ki nemi lambar asusunta bayan kun gama waya, kar ki haɗa da ban haƙurin, sai ya zama kamar tara kike biya.

Hadiza Maraɗi:
Sannunku. Ni ina da ja a nan. A wajenmu biki rance ne, kuma na san ku ma haka ne. Abin da aka kawo maki ana rubutawa, ranar da mai shi ta tashi nata sai ki mayar, sau da yawa har da ƙari. In Ummu Sadik ta tura kuɗi, ta buɗe littafi tsakaninta da wadda ba su da wannan hulɗar. Gobe in ta haihu ko ta tashi wani sha'ani, waccan za ta ji nauyin ramawa, wataƙila ma a lokacin ba ta da shi. Wadda ba ku saba biki da ita ba, addu'a da kiran waya sun isa. Kada kunya ta sa ki ɗora wa ku biyu kaya.

Amaryar Bara:
Hadiza, ni kam waɗanda suka turo min daga nesa ban ɗauke shi bashi ba, daɗi na ji.

Hadiza Maraɗi:
Kin rubuta sunansu ko ba ki rubuta ba?

Amaryar Bara:
Mama ta rubuta, gaskiya.

Anti Rabi:
Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa ni nake tambayar kaina abu ɗaya kafin in tura: ina so hulɗar nan ta girma ko ina so ta tsaya inda take? In ina so ta girma sai in tura. In gaisuwar sallah ta ishe mu, ba na turawa, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe ni ba. Ummu Sadik ce ta san matsayin yarinyar a ranta.

Malam Na Tudun Wada:
In za ki tura, ki yi niyyar kyauta don alherin da ta yi miki kina kwance, ba don a rama ba. Addu'ar da aka koyar a yi wa wanda ya yi aure kuma kar ki bar ta: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair.

Ummu Sadik:
Jama'a na dawo. Na kira ta jiya bayan isha'i. Sai da na rubuta maganar Anti Rabi a bayan littafin darasi na ajiye a gabana, don na san halina. Ta roƙa kamar yadda aka ce, har ta ce za ta sa a ɗauko ni daga tasha, ga ɗakin yayarta babu kowa. Na maimaita mata. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ta ji daɗi da na faɗa da wuri, don ranar Asabar babbar ƙawarta za ta sayo kayan kuma sunana yana cikin takardar. Mun yi kusan minti ashirin, ta ba ni labarin angon, ashe a Jalingo za su zauna.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ta ce tunda Yola ta yi nisa, dangin ango suna da walima a Kano bayan biki da sati ɗaya, a Hotoro, ko zan leƙo. Wannan karon ban yi saurin amsawa ba, na ce ta turo min rana da lokaci in duba in gaya mata kafin Laraba. Ina ganin zan je, Hotoro ba nisa daga gidanmu, kuma babu anko. Kuɗin dai har yanzu ban tura ba. Ina tunanin in riƙe su in sayi turaren wuta in kai mata da hannuna ranar.

Hadiza Maraɗi:
Turaren ma Mama za ta rubuta.

Hajiya Mai Atamfa:
A rubuta ɗin, Hadiza. Ummu Sadik, in turaren za ki saya kar ki bari sai ranar, ki saya tun yanzu ki rufe kwalbar da kyau ya ƙara kama jikinsa. Kuma ki tambaye ta ko walimar da kati ake shiga, kar ki je ƙofa da goyo a tsayar da ke.